Ruwa Garai-Garai Ba Lalle Ne Ya Zama Ruwan Sha Ba: Sharhi a Kan Fassarar Wani Tsakuren Bincike

1.0 Gabatarwa

Kwanakin baya wani ma'aikacin lafiya ya kawo mini wata 'yar takarda da aka shirya domin a riƙa karanta wa mutanen ƙauye a wajen taron wayar da kai. Fassara ce ta tsakuren wani bincike a kan gyaran ruwan sha da 'ya'yan zogale. Abin da ya roƙe ni kawai shi ne in duba masa ƙa'idojin rubutu. Na duba, ban sami ƙugiya ɗaya da ta ɓace ba, ban kuma ga inda aka haɗe kalmomin da ya kamata a raba ba. Hausar ta yi daɗi, ta kuma sauka sumul a kunne. Amma da na nemi asalin tsakuren na Turanci na aza su gefe da gefe, sai na tarar fassarar ta gaya wa jama'a wani abu dabam da wanda masu binciken suka gano.

Ga fassarar kamar yadda ta zo hannuna:

"Masana kimiyya sun gudanar da bincike a kan hanyar gargajiya da mutanen Sudan suke tsarkake ruwa da 'ya'yan zogale. Binciken ya tabbatar da cewa zogale yana daskarar da dattin ruwa, yana kuma kashe ƙwayoyin cuta har kashi 99.99 cikin 100 a cikin awa ɗaya zuwa biyu. Daga cikin cututtukan da aka gwada shi a kansu akwai kwalara da taifot. An ga wasu ƙwayoyi sun ƙaru a ruwan sama bayan awa 24. Saboda haka wannan hanya ce mai kyau ta yi wa ruwan sha magani a karkara."

A wannan maƙala za a bi fassarar daki-daki, a nuna inda ta kauce da dalilin kaucewar, sa'an nan a kawo wata fassarar da nake ganin ta fi kusa da gaskiyar binciken. Manufar ita ce a nuna cewa a irin wannan aiki amanar da ke wuyan mai fassara ita ce iyakar abin da aka gano. Masanin kimiyya yakan faɗi abin da ya samu, ya kuma faɗi inda abin ya tsaya. In mai fassara ya ɗauko na farko ya bar na biyu, to, ya yi wa mai sauraro illa, komai kyan Hausarsa.

2.0 Abin da Tsakuren Ya Ƙunsa

Tsakure shi ne ɗan taƙaitaccen bayanin da akan sa a goshin maƙalar bincike, wanda ba ya cika wuce sakin layi ɗaya. Wanda muke magana a kansa na wani bincike ne da Madsen da Schlundt da Omer suka buga a 1987 a wata mujallar likitancin ƙasashe masu zafi. Dabarar da suka gwada ba tasu ba ce. Matan ƙauyukan Sudan sun daɗe suna daka 'ya'yan zogale suna zubawa a damammen ruwan kogin Nilu domin ya kwanta, har ma sunan da ake kiran bishiyar da shi a Larabcin can yana nufin mai sa ruwa ya yi garau. Samia Al Azharia Jahn, wadda ta yi aiki a Sudan, ta yi rubuce-rubuce a kan wannan al'ada tun kafin wannan bincike.

Abubuwa huɗu ne ginshiƙan tsakuren. Na farko, an kwaikwayi yadda ake yi a ƙauye, a zafin ma'auni 30. Na biyu, a cikin awa ɗaya zuwa biyu damewar ruwan ta ragu da kashi 80 zuwa 99.5 cikin 100, ƙwayoyin bakteriya kuma suka ragu da kashi 90 zuwa 99.99. Na uku, ƙwayoyin sun taru ne a cikin gwiɓar da ta kwanta a ƙasa. Na huɗu, a tsawon awa 24 da aka yi ana lura, wasu ire-iren ƙwayoyin sun sake hayayyafa a cikin ruwan da ya yi garau, wasu kuwa ba su yi ba.

Mai karatu zai lura cewa ginshiƙi na biyu albishir ne, na uku da na huɗu kuwa gargaɗi ne. Fassarar da ke gabanmu ta cika baki da albishir ɗin, ta haɗiye gargaɗi ɗaya gaba ɗaya, ta kuma dagula ɗayan har ba a gane shi.

3.0 Tsarkakewa da Magani

Kuskuren farko yana cikin jimlar farko, wato kalmar "tsarkake". Gaskiya ne kalmar Turancin da ke wurin ƙamus zai ba ta wannan ma'ana. Amma tsarki a bakin Bahaushe kalma ce mai nauyi, wadda ba ta da rabi da rabi. Abu ko dai yana da tsarki ko ba shi da shi. Bugu da ƙari, wanda ya yi karatun ibada ya san cewa ana auna tsarkin ruwa ne da launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. Ruwan da zogale ya kwantar zai iya cika waɗannan sharuɗɗa duka uku, alhali kuwa yana ɗauke da ƙwayoyin da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Saboda haka in aka ce wa mutum ruwa ya tsarkaka, an ba shi tabbacin da ya dace da alwala, shi kuwa zai ɗauke shi tabbaci ne na lafiyar ciki. Ma'auni biyu ne dabam, kalmar kuwa ta cuɗe su.

Haka nan "yi wa ruwa magani" da ya zo a jimlar ƙarshe. A Turancin masana ruwa, kalmar da aka fassara haka tana nufin duk wani aiki da aka yi wa ruwa domin ya inganta, ko tacewa ce, ko kwantarwa, ko tafasawa. Ba ta ɗauki alkawarin cewa aikin ya kai matuƙa ba. Amma magani a Hausa kishiyar cuta ne. In an ce an yi maganin abu, to, an gama da shi ke nan. "Gyaran ruwa" ya fi dacewa, domin kowa ya san akan yi gyara a bar saura.

To, mece ce Hausar abin da matan Sudan suke yi? Ba sai an ƙirƙiro sabuwar kalma ba. Duk macen da ta taɓa ɗebo ruwan tafki da damina ta san a ce ruwa ya dame, ta san a ajiye shi ya kwanta, ta san a jefa masa alif don ya yi saurin kwantawa, ta kuma san a tsiyaye na kai a zubar da gwiɓa. Waɗannan kalmomi huɗu, wato damewa da kwantawa da tsiyayewa da gwiɓa, su ne dukan keɓaɓɓun kalmomin da rabin tsakuren yake bukata. Abin mamaki shi ne mai fassarar bai yi amfani da ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya tafi ƙamus neman abin da ke bakin randar gidansu.

4.0 Daskarewa da Kashewa

Jimla ta biyu ta ce zogale yana "daskarar da" datti. A nan ma ƙamus ne ya ja shi. Kalmar Turancin ita ce dai wadda ake amfani da ita ga jini in ya daskare a bakin rauni, shi ya sa ya ɗauko ta. Amma abin da ke faruwa a cikin randa ba ya kama da daskarewar jini ko ta man shanu da hunturu.

Ga yadda abin yake. Ƙwayoyin lakar da ke dama ruwa ƙanana ne ƙwarai, kuma kowace tana ɗauke da wani ɗan cajin lantarki iri ɗaya da na 'yar'uwarta. Masu caji iri ɗaya kuwa ture juna suke yi, don haka ba sa haɗuwa balle su yi nauyin da za su nutse. Wannan ne ya sa wani ruwan yakan kwana a randa bai kwanta ba. A cikin 'ya'yan zogale akwai wani furotin mai kishiyar wancan caji, kamar yadda binciken Ndabigengesere da abokan aikinsa ya nuna a 1995. In ya shiga ruwa sai ya manne wa ƙwayoyin lakar, ya kashe musu ƙarfin turewa, su kuwa su riƙa kama juna suna dunƙulewa har su yi nauyi su sauka. Aikin da alif yake yi ke nan. Saboda haka "dunƙulewa" ko "curewa" ita ce kalmar, in kuwa ana son taƙaitawa sai a ce yana sa ruwa ya kwanta kamar yadda alif yake yi. Da wannan kwatanci kaɗai an gama bayani, domin mai sauraro ya riga ya san alif, ya san kuma ba a taɓa ce masa alif maganin gudawa ne ba.

Sai dai wannan ƙaramin kuskure ne in aka kwatanta shi da aikatau ɗin da ya biyo baya. Fassarar ta ce zogale yana "kashe" ƙwayoyin cuta. Tsakuren bai ce haka ba. Cewa ya yi yawansu ya ragu a cikin ruwan, ya kuma faɗi inda suka tafi: sun taru a cikin gwiɓa. Wato lakar da ta dunƙule ta ja su zuwa ƙasa tare da ita, kamar yadda taru yake jan kifi. Raguwa a sama ba mutuwa ba ce. Ƙaura ce daga saman randa zuwa gindinta.

Dubi abin da wannan aikatau ɗaya zai haifar a cikin gida. Matar da aka ce wa ƙwayoyin sun mutu ba ta da dalilin yin hattara da gwiɓa. Za ta bar ruwan a kanta, ta riƙa zura moɗa tana ɗiba, kowane ɗiba yana motsa abin da ya kwanta. In ruwan ya yi ƙasa sai ta karkata randar ta tatse sauran ta ba yaro. Alhali kuwa wannan sauran shi ne mafi haɗari a cikin randar duka, domin nan ƙwayoyin da suka bar ruwan kai suka taru. Wadda aka ce wa ƙwayoyin sun sauka ƙasa ne kawai, ita da kanta za ta gane cewa sai ta tsiyaye ruwan a hankali zuwa wata tukunya mai tsabta, ta zubar da gwiɓar nesa da inda yara ke wasa. Mai fassarar ya jefar da jimlar gwiɓa ne saboda ya ɗauke ta ƙaramin bayani na masana. Ita ce kuwa jimlar da ta fi kowace amfani ga mai randa.

5.0 Maganar Alƙaluma

Tsakuren ya ba da iyaka biyu, ta ƙasa da ta sama: kashi 90 zuwa kashi 99.99. Fassarar ta ɗauki ta sama kaɗai ta ce "har kashi 99.99". Wani zai ce ai kalmar "har" ta nuna cewa wannan shi ne matuƙa, don haka ba a yi ƙarya ba. Haka ne a nahawu. Amma a kunnen mai sauraro "har" kalmar yabo ce, irin wadda ake cewa doki ya yi gudu har ya wuce mota. Ba ta sa mutum ya tambayi abin da ke ƙasa da hakan.

Ko da an kawo iyakokin biyu ma, da sauran aiki. Ga wanda bai saba da lissafi ba, kai har ma ga wanda ya saba, 90 da 99.99 suna kama da maƙwabtan juna, tsakaninsu bai kai goma ba. Masana sun san wannan ruɗi, shi ya sa suke ƙidaya irin wannan raguwa da matakai, waɗanda suke kira log. Kowane mataki ɗaya yana nufin an raba adadin da goma. Tsakuren ya ce an sami mataki ɗaya zuwa huɗu. Ba dole ba ne a kawo wa mutanen ƙauye wannan baƙuwar kalma, amma dole ne a kawo musu ma'anarta, hanyar yin haka kuwa ita ce a bar ƙidaya abin da ya tafi, a ƙidaya abin da ya saura.

Alal misali, a ƙaddara cewa moɗa ɗaya ta ɗanyen ruwa tana ɗauke da ƙwayoyi 100,000. Wannan adadi na kwatanci ne kawai. In an sami mataki ɗaya, wato kashi 90, saura 10,000. In mataki biyu ne, saura 1,000. In uku ne, saura 100. In huɗu ne, wato kashi 99.99, saura 10. Ashe ke nan tazarar da ke tsakanin iyakokin nan biyu ninki dubu ce. A wani gwajin ƙwaya ɗaya ce ta tsira cikin kowace dubu goma, a wani gwajin kuwa ɗaya cikin kowace goma. Mai randa ba shi da hanyar sanin wanne ne ya faɗo masa yau. Sa'an nan a tuna cewa ƙwayar da ke kawo atuni, wadda masana ke kira shigela, ba ta bukatar runduna: goma zuwa ɗari sun isa su kwantar da mutum.

Haka abin yake ga damewar ruwan, wadda fassarar ba ta ma ambaci adadinta ba. A ƙaddara ruwan kogi ya kai awo 500 a ma'aunin da masana ke auna damewa da shi. In ya ragu da kashi 99.5, saura awo biyu da rabi, ruwa ya yi garai-garai. In kuwa kashi 80 ne, saura awo 100, wanda har yanzu damamme ne a ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son ruwan sha ya kasance ƙasa da awo 1, inda kayan aiki suka yi ƙaranci kuwa kada ya wuce 5. Dalili shi ne laka takan zame wa ƙwayoyin cuta garkuwa, ta hana sinadarin kulorin isa gare su. Wannan ma ya nuna ainihin matsayin zogale: share fage yake yi wa aikin da zai biyo baya.

Ƙa'idar da za a ɗauka a nan ita ce, in bincike ya ba da iyaka biyu, a kawo su duka. In wuri ya yi ƙaranci har ya zama sai ɗaya, to, a batun lafiya wadda ta fi muni ita ce za a kawo, domin da ita mutum zai yi shiri.

6.0 Ruwan Sama da Sunayen Cututtuka

Yanzu sai mu zo ga jimlar da ta fi kowace ban takaici: "An ga wasu ƙwayoyi sun ƙaru a ruwan sama bayan awa 24." Kalmar da masana suka yi amfani da ita tana nufin ruwan da ya tsaya a kai bayan gwiɓa ta kwanta. Mai fassarar ya fahimci haka sarai, ya ce ruwan da ke sama, ya taƙaita ya ce ruwan sama. Ya manta cewa Hausa ta riga ta ba wannan haɗi ma'anarsa tun kaka da kakanni. Duk wanda ya ji zai ɗauka ana maganar ruwan da hadari ya zubar ne. Ƙarshenta sai a tashi daga taron da fahimtar cewa ruwan zogale lafiya lau ne, ruwan da aka tara daga indararo ne abin tsoro. Gargaɗin ya tashi daga kan abin da aka yi shi dominsa ya faɗa kan wani abu dabam.

"Bayan awa 24" ma ba daidai ba ne. Tsakuren cewa ya yi a cikin awa 24 ɗin da aka yi ana lura aka ga ƙaruwar. Wanda ya ji "bayan" zai ɗauka yana da kwana guda cur na kwanciyar hankali, alhali binciken bai ba shi wannan wa'adi ba. Haka kuma "ƙaru" ta yi sanyi. Mutum zai zaci ƙura ce ta faɗa, ko hannu ne ya taɓa. Abin da aka gani shi ne sake hayayyafa: 'yan tsirarun da suka saura ne suka riƙa rabuwa biyu-biyu. Ƙwaya 10 in ta ninka kanta sau goma ta zama 10,240. Tsakuren bai faɗi dalilin wannan ba, amma wani bincike na Ndabigengesere da Narasiah a 1998 ya nuna cewa garin 'ya'yan zogale yakan bar narkakkun abubuwa na jikin tsiro masu yawa a cikin ruwa, irin waɗannan abubuwa kuwa abinci ne ga bakteriya. In mai fassara zai kawo wannan bayani, sai ya nuna cewa daga wani wuri ya ɗauko shi.

Saura sunayen. Tsakuren ya kasa ƙwayoyin gida uku da kalmomi masu auna magana: biyu sun sake hayayyafa a kowane gwaji, ɗaya ta yi a wasu gwaje-gwajen, uku ba su yi ba. Ta kwalara tana cikin waɗanda ba su yi ba. Biyun da suka yi a kullum su ne shigela ta atuni da wata salmonela. Fassarar ta rushe wannan rabo, ta ambaci kwalara da taifot a hanyar da mai sauraro zai ɗauka an ci nasara a kansu duka.

Taifot ma kuwa ba ta cikin tsakuren. Salmonelar da aka ambata ita ce taifimuriyam, wadda a jikin mutum ta fi kawo gudawa da amai da ciwon ciki. Mai kawo zazzaɓin taifot 'yar'uwarta ce, salmonela taifi. Kamannin suna ne ya ruɗi mai fassarar. Kuskuren ya zama biyu ke nan: ya sa sunan cutar da ba a gwada ba, ya kuma jera ta cikin nasarori, alhali wadda aka gwada ɗin tana cikin masu dawowa. A lura kuma cewa bakteriya kaɗai tsakuren ya yi magana a kansu. "Ƙwayoyin cuta" a Hausa ta haɗa har da bairas, irin mai kawo wani nau'in ciwon shawara ta hanyar ruwa, don haka ya kyautu a ce "waɗanda aka gwada" domin kada bargon ya rufe abin da bai kai gare shi ba.

Jimlar ƙarshe kuwa, wadda ta fara da "saboda haka", ba ta masu binciken ba ce. Su cewa suka yi an tattauna amfanin da dabarar za ta iya yi in aka kwatanta ta da wasu hanyoyin. Mai fassarar ne ya yanke hukunci ya sa a bakinsu.

7.0 Fassarar da Ake Ba da Shawara

Ga yadda nake ganin ya kamata a gabatar da tsakuren ga jama'a:

"A ƙauyukan Sudan mata sukan zuba dakakkun 'ya'yan zogale a damammen ruwa domin ya kwanta, kamar yadda ake yi da alif. A 1987 wasu masana sun buga sakamakon gwajin da suka yi wa wannan dabara. Sun ga cewa a cikin awa ɗaya zuwa biyu ruwan yakan kwanta, wani lokaci ya yi garai-garai, wani lokaci da sauran damewa. Ƙwayoyin cutar da aka gwada sun ragu ƙwarai a ruwan kai, amma ba daidai wa daida ba: a wani gwajin ɗaya ce ta saura cikin dubu goma, a wani kuwa ɗaya cikin goma. Ƙwayoyin sun taru ne a cikin gwiɓar da ta kwanta a ƙasa. Da aka ajiye ruwan aka ci gaba da lura har kwana guda, sai aka ga wasu daga cikin waɗanda suka saura sun sake hayayyafa a cikin ruwan nan mai kyan gani. Wata mai kawo atuni da wata mai kawo gudawa sun yi haka a kowane gwaji. Ta kwalara ba ta yi ba."

Sa'an nan a ja layi, a ƙara wannan da sunan masu shirya takardar:

"Shawararmu: da ruwan ya kwanta a tsiyaye shi a hankali zuwa tukunya mai tsabta, a zubar da gwiɓar. Kafin a sha a tafasa shi, ko a sa masa kulorin yadda ma'aikatan lafiya suka nuna, a jira minti 30. Kada a dogara da kyan ganinsa."

Wannan fassara ba ta rasa abin zargi ba. Ta fi asalin tsayi. Ta bar zafin ma'auni 30, ta bar sunayen ƙwayoyi uku, cikinsu har da ikolai wadda masana ke ɗauka shaida ce ta cewa bayan gida ya taɓa ruwa. In ɗaliban kimiyya ake yi wa fassarar, waɗannan duka dole su dawo. Ma'aunin da na bi wajen zubarwa shi ne tambaya ɗaya: in an cire wannan bayani, mai sauraro zai sake abin da zai yi da randarsa? Cire sunan ikolai ba zai sake komai ba. Cire gwiɓa zai sake. Raba shawara da fassara kuwa wajibi ne, domin jama'a su san wace magana ce ta fito daga gwaji, wace ce kuma ta fito daga masu takarda.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa babu kuskure ko ɗaya a fassarar nan da ya samo asali daga talaucin Hausa. Damewa da kwantawa da gwiɓa da tsiyayewa da hayayyafa duk suna nan, sun kuma fi kalmomin da aka zaɓa daidaito. Kurakuran sun zo ne ta hanya biyu: dogaro da ma'anar farko da ƙamus ya bayar, da kuma son a kai wa jama'a labari mai daɗi. Na biyun ya fi wuyar ganewa, domin duk kaucewar da ya jawo gefe ɗaya ta karkata. Raguwa ta zama kisa, iyaka biyu ta zama ɗaya, tattaunawa ta zama hukunci.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai tona irin wannan kafin takarda ta fita. A karanta wa mutum biyu ko uku daga cikin waɗanda aka yi ta dominsu, kada a tambaye su ko sun gane, domin kunya za ta sa su ce sun gane. A tambaye su abin da za su yi in sun koma gida: yaushe za su sha ruwan, me za su yi da na gindin randa, za su ba jariri ko ba za su ba shi ba. In amsarsu ta yi daidai da wadda masu binciken za su bayar, fassara ta yi. Ma'aikacin lafiyar da ya kawo mini takardar na mayar masa da ita ba tare da na gyara harafi ɗaya ba, na dai roƙe shi kada a karanta ta a gaban jama'a sai an sake ta.